Taswirar da ba ruwanta da agogo

Na taɓa ɓata sati guda ina kallon taswirar farashi ta minti biyar-biyar a waya, har a cikin lacca. Kowane minti biyar sabon kyandir zai fito, ko farashi ya motsa ko bai motsa ba, ni kuma in ɗauka wani abu na faruwa. Haka na yi ta shiga ina fita har kuɗin handawut ɗina suka ƙare. Ba wasa.

Daga baya wani ɗan ajinmu ya nuna min Renko. Asalinta daga Japan ne, sunan ma daga kalmarsu ta bulo aka samo shi. Ita ba ruwanta da lokaci. Kai za ka zaɓi girman bulo, kuma ba za ta zana komai ba sai farashi ya cika wannan girman.

Misali, hannun jari yana kan naira 100, bulonka naira 5. Ya kai 104, shiru. Ya kai 105, bulo ɗaya. Ya yi kwana uku yana yawo tsakanin 103 da 108, babu abin da za a ƙara. Ya kai 115, bulo biyu su hau.

To ga inda mutane ke ruɗewa. In farashi ya juyo daga 115, bulon sauka ba zai fito a 110 ba, sai a 105. Juyawa na buƙatar bulo biyu. Wato kafin taswira ta ce maka "an juya", naira 10 ta riga ta tafi.

Point and figure kuwa tsohuwa ce, tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da irinta a Amurka. X na hawa, O na sauka. A tsarin da aka fi sani, sai farashi ya juya akwati uku kafin a buɗe sabon layi. Da lissafinmu, sai ya faɗo 100. Ta fi Renko haƙuri, ta kuma fi ta makara.

Abin da ya ƙona ni: na ga bulo shida a jere, na ce wannan tafiya ce mai ƙarfi. Ashe a cikin minti kaɗan suka fito, bayan wani labari. A kan allo, bulon minti biyu da na sati biyu kamarsu ɗaya. Ko da na saya a asusun gwaji, farashi ya riga ya wuce bulon da nake kallo. Da kuɗin gaske ne, hmm.

Yanzu ina buɗe Renko don in ga inda aka dosa, amma kyandir na gefe, don shi ke faɗa min yaushe, da kuma ainihin farashin da zan biya. In na ga bulo na hawa yana sauka ɗaya-ɗaya, ko bulon ya yi ƙanƙanta ne ko kasuwar ba ta zuwa ko'ina. Sai in kife wayar in koma karatu.