Batir ya mutu, zumunci bai mutu ba

A ƙungiyarmu ta asusu da ke unguwar Bukoki, nan Yamai, mu 25 ne, kuma kowace Lahadi da la'asar muke zama. Zubin mako dala 100 ne, tarar makara dala 10. Dokokinmu a rubuce suke cikin littafin sakatariya, amma akwai guda ɗaya da ba a rubuta ba kuma kowa ta san ta: ba a buɗe akwati sai an fara yi wa salula dariya. Wata za ta ce tata ta suma tun azahar, wata ta ce tata tana asibiti wajen mai caji, wata ta ɗaga tata sama tana juyawa kamar mai neman jinjirin watan Sallah, wai rezo take nema. Na daɗe ina kallon wannan raha, kuma abin da na fahimta shi ne tana yi mana wani aiki da dokar littafi ba za ta iya ba. Ita ce ke ba mu hanyar tambayar juna maganar kuɗi ba tare da an kunyata kowa ba.

Dalili na farko da ya sa wannan wasa yake kama kowa shi ne wahalar ɗaya ce a kanmu duka. Idan watan Afrilu da Mayu suka kama, zafin Yamai ya haura digiri 40, salula ma zazzaɓi take yi. Batir ba ya son zafi: wanda da sanyi yake kai ki yamma, da bazara kafin azahar ya rabu biyu. Mai salular jikka 100 da mai ta jikka 15 duk layi ɗaya suke bi idan babu kuran. Ba wadda ta manta watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa ƙasarmu, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. A watannin nan duk gidan da ke da pano na hasken rana ya koma kamar rijiyar unguwa. A gidan ma'ajiyarmu na taɓa ƙirga salula 11 jere a kan tabarma ɗaya, kowace da igiyarta. Shugabarmu ta dube su ta ce, “To, su ma sun kahwa asusunsu, sai dai su wuta suka zubi.” Har yau idan wata ta zo da caja a jaka sai a ce ta kawo ɗiyarta zubi.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. A cikin wasan batir da rezo, wanda ake zagi ba ya cikin ɗakin. Idan na ce wa ƴar'uwata, “Na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba,” na ɗora mata laifi, dole ta kare kanta. Idan kuwa na ce, “Yaya, wannan salula taki ta sake tahiya ƙauye ko?” laifin ya koma kan salular. Tana da zaɓi: ta yi dariya ta ce wallahi batir ne, ko ta matso kusa ta faɗa mini gaskiyar abin da ya hana ta. Tambayar ta isa inda aka aike ta, fuskar kowa kuma ba ta zube ba.

Mu ƴan Nijar ba yau muka san wannan dabara ba. Wasan dangi da muka gada, irin wanda ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme ko Bafillace da Babarbare, haka yake aiki: ana faɗa wa mutum magana mai nauyi cikin dariya, kuma al'ada ta hana shi fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin jerin gadon al'adun duniya. Sai dai wasan dangi yana da iyaka, don sai da abokin wasanki kike yin sa. A ƙungiya irin tamu ta birni, inda akwai Bahausa, Bazabarma, Bafillata da Buzuwa, ba kowa ce taubashiyar kowa ba. Salula ce ta zama taubashiyarmu duka. Kowa na da izinin tsokanar ta, kuma ko wadda Hausarta ba ta nuna sosai ba ta san abin da ake wa dariya. Idan rezo ya ɗauke ana tsakar magana, mu ce sai haƙuri, maƙwabciyata ta ce “kala suuru,” ma'anar dai ɗaya ce.

Kiran bidiyo shi ya fi ba mu abin dariya. Ɗaya daga cikin masu riƙe makullin akwatinmu ta je Umra, muka ce sai mun gan ta ranar zama. Mata 20 suka taru kan allo ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Muka ce, “Hajiya, ina wuni?” Shiru. Muka ce, “Kina jin mu?” Shiru. Sai wata ta ce, “Hala ta manta da mu ne?” Daidai nan amsar gaisuwar farko ta iso: “Lahiya lau!” Daga nan hoton ya tsaya cak, bakinta a buɗe, ido ɗaya a rufe, ya fi minti guda a haka. Da ta dawo gida muka kwaikwayi fuskar a gabanta, ita ta fi kowa dariya. Yanzu duk wadda aka tambaya lissafi ta yi sororo, sai a ce, “Ta daskare, a jira rezo.” Kafin wannan, wadda ta rikice a lissafi kunya take ji har ta ƙi ƙara magana. Yanzu dariya take yi, ta ja numfashi, ta sake ƙirgawa.

Daga wannan kira muka ɗauki darasi mai amfani. Bidiyo yana buƙatar rezo mai ƙarfi da ba ya yankewa, yana kuma cinye megan furfe da batir fiye da murya nesa ba kusa ba. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, wanda muke cewa bokal, yana da haƙuri: ko babu rezo yana nan yana jira da ƴar alamar agogo a gefensa, da rezo ya dawo sai ya tafi da kansa. Shi ya sa muka tsayar cewa maganar kuɗi da bokal ake yin ta, gajere, a faɗi adadi sau biyu. Bidiyo mun bar wa biki da suna.

Amma wasa yana da inda yake tsayawa, kuma wannan ne abin da na fi so ƴan'uwa na sauran ƙungiyoyi su ji. Kalmar “batir ya mutu” tana iya zama gaskiya, tana iya zama uzuri, tana kuma iya zama zanen da mace ta rufe wata damuwa da shi. Mun ga na ukun a cikinmu.

Wata ƴar ƙungiyarmu mai sayar da fankasau ta karɓi bashin jikka 20, za ta maido 22 bayan mako huɗu. Mace ce da ba ta taɓa makara ba, kuma ita ce kan gaba a tsokanar salular mutane. Mako na uku ba ta zo ba, ta aiko da zubinta ta hannun yarinya. Mako na huɗu ta zo babu kuɗin bashi. Aka ce an yi ta neman ta, ta ce batir ne. Aka yi dariya kamar kullum, ita kuwa murmushi kawai ta yi tana kallon tabarma. Wasu sun fara gunaguni a kan hanya cewa ashe ita ma ta koyi ɓuya.

Sakatariyarmu ce ta lura da abu biyu. Na farko, alamar saƙo. A WhatsApp, alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙo ya fita daga wajenki amma bai shiga salular mai shi ba. Biyu masu ruwan toka, ya shiga. Biyu shuɗaye, an buɗe shi, ko da yake akwai masu kashe shuɗin. Mai matsalar batir ko kuran, saƙonta yakan kwana da alama ɗaya, da safe ya zama biyu, don ko yaya ne za ta kai caji. Saƙonnin da aka tura wa wannan baiwar Allah kwana 12 suna kan alama ɗaya, kiran layi ma a kashe. Babu batirin da ke mutuwar kwana 12. Na biyu, mai batir mara kirki takan fito da salular ta nuna, har ta ƙara mata zagi. Ita ko sau ɗaya ba ta fito da tata ba.

Shugaba ba ta ta da maganar a gaban taro ba. Da magariba ta je gidanta ita da ma'ajiya, ta shiga da wasan da aka saba: “Mun zo gaida mara lahiya, ina salular take kwance?” Nan matar ta fashe da kuka. Ɗanta ne ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuɗin magani ya cinye jarin, ta sayar da salular ta cika. Kunya ta hana ta faɗi, don ita ce kullum mai ba mutane dariya. Lahadin da ta biyo baya, da yardarta, aka faɗa wa taro. Aka ba ta jikka 5 daga asusun taimako, wanda muke zuba wa dala 10 kowane mako don irin wannan rana, aka raba mata biyan bashin kashi huɗu. Ta biya duka kafin rabon akwati.

Da a ce tun farko da faɗa muke tambayar juna, da shugaba ba ta da wata ƙofar shiga gidan nan sai ta mai bin bashi. Da kuma a ce dariya kawai muka iya, da mun yi ta dariya har matar ta bar ƙungiya da bashi a kanta da baƙin suna. Wasan ne ya buɗe ƙofa, lura ce ta gane akwai matsala.

Tun daga nan muka ƙara abu biyu a littafi. Kowace mace ta ba da lamba ta biyu, ta maƙwabciya ko ta wani na gida, wadda za a kira idan tata ta yi shiru. Kuma duk wadda saƙonta ya wuce kwana uku a kan alama ɗaya, ba a hukunta ta, ba a kuma yi da ita a bayan ido: mutum biyu za su taka da ƙafa su je gaishe ta. Uzurin batir ba ya ɗauke tarar makara, wannan mun daɗe da gamawa, don ranar zama ba a salula take ba, kowa ta san Lahadi.

Ƴan'uwa, idan kun zauna wannan mako aka fara yi wa rezo tsiya, ku yi dariyarku son rai. Amma ku ɗan duba zagayen tabarmar, ku ga ko akwai wadda ta saba dariya yau ba ta yi ba.