Ledar ruwa ɗaya, tambayoyi biyu

Duk wanda ya ratsa Sabonjida a watan Maris, lokacin da zafin Tamale ke kan ganiyarsa, ya san ruwan leda ba baƙo ba ne. A jikin ledar an rubuta mililita 500. Wannan rubutu shi nake ɗauka in na zo koya wa ɗalibai yadda ake fitar da hasashe daga tambayar da aka ba da ita cikin kalmomi, domin na lura lissafin ba ya ba su wahala sosai. Inda suke tuntuɓe shi ne layi biyu na farko, kafin a taɓa na'urar lissafi.

Ga tambayar, kuma alƙalumanta na misali ne: wani mai gidan ruwa ya ce injinsa na zuba mililita 500 a kowace leda. An auna ledoji 36, matsakaicinsu ya kama 497, ma'aunin warwatsuwarsu 10. Me za a ce?

Da farko a tambayi kai: a kan wa ake magana? Ledoji 36 ɗin nan an riga an auna su, babu sauran hasashe a kansu. Abin da ba mu sani ba shi ne matsakaicin dukan ledojin da injin ke fitarwa, wanda ake kira μ. Don haka 497 ba ta da gurbi a cikin hasashe. Duk takardar da na ga an rubuta 497 a layin farko, na san mai ita ya sa shaida a kujerar wanda ake ƙara.

Hasashen tushe, H₀, shi ne halin da aka tarar, wanda ake riƙe da shi har sai hujja ta ture shi: H₀: μ = 500. Kamar gaban alƙali ne, mai ƙara ke kawo shaida. Alamar daidai kullum a nan take zama, saboda sai da adadi tsayayye za a iya lissafa yadda samfuri zai riƙa karkata in maganar mai injin gaskiya ce.

Hasashen adawa, H₁, shi ne abin da mai ƙarar ke son tabbatarwa, kuma a nan ne sai an san wane ne ke tambaya. In mai gidan ruwan ne ke duba saitin injinsa, ragi na ɓata masa suna, ƙari na cinye masa riba, duka biyun sun dame shi. Nasa mai gefe biyu ne: H₁: μ ≠ 500. In kuwa jami'in awo ne da masu saye suka kai wa kuka cewa ana tauye su, ƙarin ruwa ba laifi ba ne a wurinsa. Nasa mai gefe ɗaya ne: H₁: μ < 500.

Kada a ɗauka bambancin na ado ne. A raba 10 da tushen 36, wato 6, a sami kimanin 1.67. Giɓin da ke tsakanin 497 da 500, wato −3, in an raba shi da 1.67, ya ba da t = −1.8. A matakin kashi 5 cikin ɗari, da darajar 'yanci 35, iyakar gefe ɗaya tana wajen −1.69, domin an tara kashi biyar ɗin duka a ɓangaren ragi. A gefe biyu kuwa an raba su biyu da rabi kowane ɓangare, sai iyakar ta matsa zuwa 2.03 ta kowace fuska. Jami'in awo ya ƙetare iyakarsa, ya yi watsi da H₀. Mai injin bai kai tasa ba. Wannan ba ya nufin ya tabbatar injinsa daidai yake. Hujjar ce kawai ba ta isa ba.

Saboda haka ne nake tsanantawa a kan cewa a zaɓi gefe kafin a ga awo. Wanda ya ga 497 ta gaza 500 sannan ya rubuta μ < 500, da ya ga 503 da ya rubuta μ > 500. A zahiri gefe biyu yake gadi, amma da iyakar gefe ɗaya, don haka haɗarin ya tuhumi inji mai lafiya ya tashi daga kashi 5 zuwa 10 ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Gefe ɗayan na gaskiya ma yana da farashi: da matsakaicin ya fito 510, gwajin jami'in ba shi da bakin magana a kai.

Sai a yi hattara da kalmar "aƙalla". In mai injin ya ce kowace leda tana da aƙalla 500 a matsakaici, ɗalibai da yawa kan ji ƙamshin "fiye da" su rubuta H₁: μ > 500. "Aƙalla" ta haɗa da 500 kanta, don haka da'awar tasa ta faɗa H₀: μ ≥ 500, kishiyarta kuma μ < 500 ce. In tambaya ta ce "ya canza" ko "ya bambanta" ba ta nuna fuska ba, gefe biyu nake sa ran gani a takarda.