Daga Mafarki Zuwa Gajeren Labari: Abin da Barci Ba Ya Bayarwa

Mafarki yakan zo wa marubuci da hoto mai ƙarfi da wani nauyi a ƙirji, amma ba ya zuwa da dalili. Shi ya sa duk wanda ya taɓa sauraron wani yana ba da mafarkinsa ya san gajiyar da ke ciki: mai bayarwa jikinsa na rawa, mai sauraro yana hamma. Tsoron yana jikin wanda ya yi barcin, kuma ba ya bin kalmomi ya shiga kunnen wani.

Robert Louis Stevenson, marubucin Scotland, ya bayyana cewa daga mafarki ya samo tushen littafinsa na Dakta Jekyll da Hyde, wanda ya fito a 1886. Sai dai abin da barcin ya ba shi kaɗan ne: fage biyu ko uku, ciki har da inda Hyde, ana bin sa saboda wani laifi, ya sha garin magani ya rikiɗe a gaban masu bin nasa. Lauyan da ke bincike, da wasiyya, da tsarin tona asirin, duk da ido biyu ya gina su.

Ni ma haka na tarar da wani mafarki nawa. Na ga kaina a gidanmu na gado, ga wata ƙofa da ban san da ita ba. A ciki kakata, Allah ya jiƙanta, tana awon gero da kwano tana ƙirgawa. Ta miƙo hannu in biya, na laluba aljihu, babu komai sai makullai. Akwai kuma akuya mai magana, da ruwa da ya cika tsakar gida, da malaminmu na firamare yana kiran suna.

Da na rubuta shi yadda ya zo, na ƙirga abin da ke haɗa jimlolin, sai na ga duk "sai kuma" ne. Wannan ce alamar da nake gane cewa rubutu bai bar matsayin mafarki ba. Labari yana tafiya ne da "saboda haka". Na tambayi kaina wane hoto ne ya tashe ni, na ga awon geron ne da hannun da aka miƙo. Na riƙe su, na sallami akuyar da malamin da ruwan, ko da yake akuyar ta fi komai ban sha'awa.

Aiki mafi wuya shi ne fitar da kaina daga ciki. Mai mafarki ɗan kallo ne, abubuwa suna faruwa da shi, ba ya zaɓar komai, ba ya kuma asarar komai. Na sa wani magidanci a gurbina, babban wa a gidansu, wanda matarsa ke jiran tiyata, ga shi babu kuɗi. An sami mai sayen gidan gado, za a sa hannu ranar Juma'a bayan la'asar. Ƙanwarsa, wadda aurenta ya mutu, tana zaune a gidan da 'ya'ya uku, kasonta kuma rabin nasa ne, ba zai kama mata ko ɗaki ba. Na yi ƙoƙari kada ɗayansu ya zama azzalumi, domin idan hanya ɗaya ce mai kyau a fili, mai karatu ya riga jarumin yanke hukunci.

Sannan na mayar da abin mamakin, amma na ɗaura masa doka. Daren Asabar mutumin ya ji ana awo a ɗakin tsohuwa da ke kulle, kwano shida. Daren Lahadi biyar. Kowane dare ɗaya na raguwa, har mai karatu ya yi lissafi da kansa ya ga inda ƙirgar za ta ƙare. Ban bayyana ko fatalwa ce ko zuciyarsa ce ba, kuma ban sa wani malami ya fassara masa ba. Fassara takan rufe zancen da labari ke son ya bari a buɗe. Makullan ma sun sami aiki: a aljihunsa suke tun farko, yana iya buɗe ɗakin ko yaushe, yana ƙi.

Rufewar da na guje wa ita ce wadda nake yawan gani a rubutun ɗalibai, wato jarumi ya farka a ce ashe mafarki ne. Hakan yana kwashe duk asarar da aka sa mai karatu ya ji tsoronta. A nawa labarin mutumin ya sa hannu, aka yi tiyatar, matar ta tashi. Da ya je miƙa makullai ya buɗe ɗakin, ya tarar da ƙanwarsa a durƙushe da kwano, tana auna geron da ya rage musu.