Jini a Farin Zanen Gado: Zafi Shi Ne Abokin Gaba

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ko na Fulani ya san cewa idan datti ya ƙi fita, ruwan zafi ake nema. Kwanon da manja ya daskare a ciki, da ruwan zafi ake wanke shi. Rigar da maiƙo ya ɓata, ita ma haka. Wannan sabo shi ne ke jawo asarar fararen zannuwan gado masu yawa, domin jini ba maiƙo ba ne. Abin da ke narkar da maiƙo shi ne ke zaunar da jini daram a cikin zare. A wannan ɗan rubutu ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai dalilin haka, da kuma yadda na ga ana fitar da busasshen jini ba tare da an kashe zanen ba.

Mai karatu, ka tuna da ƙwai. Idan ɗanyen ƙwai ya zuba maka a hannu, ruwan sanyi kaɗai ya isa ya wanke shi. Amma da zarar ya ji wuta sai ya sandare, kuma ba mai iya mayar da shi ruwa. Jini ma cike yake da furotin irin wannan. Idan ya bushe kawai, yana nan manne a kan zaren auduga, kuma ruwa zai iya sake jiƙa shi ya saki. Idan kuwa ya ji zafi, to ya dahu ke nan a cikin zaren, sai jan ya koma ruwan ƙasa. A nan ne Bahaushe ke cewa tabo ya “zauna”. Ni da na koyi Hausa bayan Fulatanci, kalmar ta daɗe tana burge ni, domin baƙon da ya zauna ya fi wanda ke tsaye wuyar sallama.

Na koyi aikin ne a gidan goggona a unguwar Alkalawa da ke Yola. A wani lokacin hunturu ƙanena ya yi haɓo cikin dare, kamar yadda yara kan yi idan busasshiyar iska ta tsattsage musu cikin hanci. Zanen da ya kwana a kai fari ne na auduga, daga cikin kayan ɗakin goggo tun na aurenta, ba ta shimfiɗa shi sai ga baƙi. Tsoron faɗa ya sa yaron ya naɗe shi ya tura ƙarƙashin katifa. Sai bayan kwana uku aka gano. Tabon ya kai faɗin tafin hannu, ya bushe ƙamas.

Mai aikin gidan ta ɗora tukunya za ta dafa ruwa, ga shi dama ana sanyi. Goggo ta ce, “Ke 'yar nan, sauke! Jini za ki dafa mana?” Sannan ta dube ni ta ce, “Ɗebo mini na randa.”

Da farko ta sa bayan cokali ta kankare ɓawon jinin da ke sama a hankali. Daga nan ta juya zanen, ta riƙa kwarara ruwan ta bayan tabon, don jinin ya fita ta hanyar da ya shigo maimakon ya ƙara nutsewa. Sai ta zuba ruwa kamar lita 4 a daro, ta barbaɗa gishiri cikin hannu guda, ta tsoma wurin da ya ɓaci kaɗai. Bayan awa ɗaya ruwan ya yi jaja-jaja, aka zubar aka sake sabo. Sau uku aka yi haka. Wannan canjin launin shi ne alamar cewa jinin na saki. Idan an jiƙa awanni ruwan bai sauya ba, ga kuma tabon yana nan, to akwai alamar ya riga ya ji zafi a wani wuri.

Bayan la'asar ta goga sabulun wanki a kan tabon, ta cuɗa zanen da jikinsa a hankali. Ba ta yarda an sa buroshi ba, saboda dirza da ƙarfi na tayar da gashin auduga, wurin ya zama daban da sauran zanen ko da tabon ya fita. Sannan ta kaɗa omo a wani sabon ruwan sanyi, ta bar zanen ya kwana a ciki. Daga baya na gane hikimar. Yawancin garin wanki na zamani na ɗauke da sinadarin da ke narkar da furotin, amma yana bukatar lokaci, kuma tafasasshen ruwa na kashe ƙarfinsa.

Da safe saura wata inuwa mai ruwan ƙasa a gefen tabon. A nan aka aike ni kemis na sayo haidurojin, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 ake so. Idan mai kashi 6 aka samu, sai a sirka shi da ruwa rabi da rabi. Goggo ta ɗiga shi a kan inuwar, nan take ya yi farin kumfa. Ta jira kamar minti 10, ta danna da tsohon farin ƙyalle, ta ɗauraye, ta sake. A karo na uku inuwar ta ɓace. A lura, haidurojin yana kodar da launi, don haka farin yadi ya dace da shi, atamfa kuwa sai an gwada a wani ɓoyayyen gefe.

Akwai ƙofofi uku da zafi ke shigowa ta cikinsu. Ta farko ruwa, kuma ba sai na kan murhu ba. A Yola da Jimeta, a watannin Maris da Afrilu, zafi kan wuce digiri 40, kuma ruwan baƙin tanki ko na jarkar 'yan garuwa da ta wuni a rana yakan yi zafin da hannu ke ji. Shi ya sa na randa ya fi. Ta biyu rana. Jiƙaƙƙen zane yana ɓoye tabo, saboda haka a fara shanya shi a inuwa, idan ya bushe a ɗaga shi a haske a duba. Ta uku dutsen guga, wanda ya fi duka muni. Kada a miƙa wa mai wanki da guga zanen ba tare da an nuna masa wurin ba, domin guga ɗaya ta isa ta rufe maganar.

Wani zai ce, me ya hana a zuba bilic tun farko a huta? Bilic a kan jinin da bai fita ba yakan bar rawayan tabo, kuma idan ya yi yawa yana cinye zaren har zanen ya yage a wurin. Mafi haɗari shi ne haɗa shi da ruwan lemon tsami ko wani sinadarin wanki, domin yana iya fitar da iska mai guba. Haka kuma idan jinin na wani ne, a sa safar hannu ta roba, musamman in akwai rauni a hannu.

Gaskiya ita ce ba kowane tabo ke fita ba. Wanda aka riga aka tafasa ko aka goge, haidurojin zai iya rage shi, amma da wuya zanen ya koma fari fat. Wanda ya bushe kawai, ko da ya yi mako, yawanci yana fita idan aka ba shi ruwan sanyi da kwana guda. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a wannan aiki mai haƙuri shi ne wanda bai dafa komai ba.