Kalmar da Ba Mu Ƙarawa

Mu da muke rubuta manhajar 'yan kasuwa mun saba da saƙo iri ɗaya daga masu aika kaya Jidda da Dubai. Hoton bayan leda ne, a ƙasansa an rubuta: "Don Allah a mayar mini da wannan Larabci." Dalilinsu a fili yake. Ƙasashen yankin Tekun Fasha ba sa yarda a sayar da abincin da aka ƙunshe sai jerin kayan haɗinsa yana cikin Larabci. Mai kaya yana ganin aikin minti biyar ne, mu kuwa mun san layi uku na iya cin yini guda, domin akwai mai saye da zai karanta su ya yanke hukuncin abin da zai ba 'ya'yansa.

Bari mu ɗauki ledar alewa mai danƙo, irin wadda yara ke so. Ga abin da hoton ya nuna:

```
Ingredients: glucose syrup, sugar, gelatine,
acid (E330), emulsifier (E471), colour (E120),
flavouring. No pork.
```

Kafin mu taɓa Larabci, sai mun tabbatar da abin da ido ya gani. Ledar alewa tana sheƙi, tana lanƙwashewa, rubutun kuma ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Idan harafi ɗaya ya ɓace a kalmar sukari, kowa zai iya cike gurbin. Lamba ba ta da wannan rangwamen. E120 da E129 duka jan launi ne, bambancinsu a hoto shi ne wutsiyar tara, wadda hasken fitilar waya kan shafe. Amma E129 a masana'anta ake haɗa shi, E120 kuwa daga jikin wani ƙwaro ake tatso shi, ƙwaron da ke rayuwa a kan wata shuka mai ƙaya, kuma Peru ce kan gaba wajen samar da shi. Malamai sun yi saɓani a kan cin abin da aka fitar daga ƙwaro, don haka akwai Musulmin da ke neman wannan lamba musamman don ya kauce mata. Jan alewar ba zai gaya mana wacce ce ba. Ƙa'idarmu ita ce, duk lambar da ba mu karanta ba sarai, sai mu nemi sabon hoto: a shimfiɗa ledar, a kashe fitila, a ɗauka a hasken rana. Idan aka rubuta sunan launin kusa da lambarsa, mukan gwada su biyun mu ga ko sun dace.

Bayan nan sai fassara, kuma ba ma sauya jeri. A dokar lakabin abinci, abin da ya fi nauyi shi ke zuwa farko, don haka wanda ya ga ruwan gulukos da sukari a gaba ya san su ne mafi yawa. Lambobin ma mukan bar su yadda suke, da harafin E da alƙaluman da aka saba, domin jami'in tashar jiragen ruwa ya iya gwada su da na asali. Ga abin da muka miƙa:

```
المكونات: شراب الجلوكوز، سكر، جيلاتين،
حمض (E330)، مستحلب (E471)، لون (E120)،
نكهة. خالٍ من لحم الخنزير.
```

E330 bai ba mu wahala ba, sinadarin tsami ne irin na lemun tsami. Inda gizo ke saƙar shi ne jilatin da E471. Jilatin shi ke ba alewar danƙo, kuma daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi: na alade, na saniya, ko na kifi. E471 kuwa shi ke sa mai da ruwa su haɗu, ana yin sa daga kitse, wanda zai iya zama man shuka kamar manja, ko kitsen dabba. Lambar ɗaya ce ko daga ina aka samo shi. A kantunan Saudiyya mutum zai yi ta cin karo da جيلاتين بقري, wato jilatin saniya, da kuma من أصل نباتي, wato daga tsiro. Kunnen da ya saba da waɗannan kalmomi yakan ji fassarar ba ta cika ba idan babu su, hannu kuma yana ƙaiƙayin ƙarawa. Amma ledar da ke gabanmu ba ta ambaci saniya ba, ba ta ambaci tsiro ba. Idan muka ƙara, mun tashi daga masu fassara mun koma masu shaida a kan tukunyar da ba mu leƙa ba.

Mai kayan, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya kira mu bayan ya duba. "Yarana, ai an rubuta babu alade. Me zai hana ku sa halal kawai? Da shi kayan ke tafiya." Muka ce, "Alhaji, a yi mana afuwa. Babu alade magana ɗaya ce, halal wata ce daban." Jilatin na iya zama na saniyar da ba a yanka ta yadda shari'a ta tanada ba, kuma ledar ba ta yi ƙarya ba da ta ce babu alade. Kalmar ƙamshi da ke ƙarshen jerin ma ba ta faɗi abin da aka narkar da ƙamshin a ciki ba, alhali sau da yawa da sinadarin barasa ake yin hakan. Haka lamarin yake ga ledar da ta ce ta dace da marasa cin nama: ta kore nama, ba ta kore barasa ba. Kowace jimla mukan fassara ta da iyakarta, ba ma ɗaga ta zuwa matakin da ke sama da ita.

Kalmar حلال a jikin kaya da'awa ce da ake tsayar da ita da takardar shaida, daga hukumar da ƙasar da za a kai kayan ta amince da ita. Ƙasashen yankin suna da mizani na musamman a kan haka, GSO 2055-1. Shi ya sa ko tambarin halal muka gani a hoto, irin na JAKIM ta Malesiya, ba ma sake zana shi, ba ma mayar da shi jimla a cikin jerin. Mukan rubuta wa mai kaya cewa akwai tambari kaza a wuri kaza, ya nemi takardarsa daga kamfanin.

Abin da muka ba Alhaji a ƙarshe shafi biyu ne. Na farko fassarar ce, ba ragi ba ƙari. Na biyu tambayoyi huɗu ne da zai aika wa masana'antar: jilatin na wace dabba ce kuma yaya aka yanka ta, E471 daga wane kitse, ƙamshin a cikin me aka narkar da shi, kuma wace hukuma ce ta ba su shaida. Mun kuma nuna masa E120 don ya san wasu masu saye za su ajiye ledar saboda ita. Wannan tsarin muka gina a manhajar: akwai gurbin abin da leda ta ce, akwai gurbin abin da ake jiran amsarsa, kuma babu maɓallin da ke kwashe na biyu ya zuba a na farko sai an ɗora takarda.

Alhaji bai ji daɗin jinkirin ba, kuma mun fahimce shi, domin kaya a sito kuɗi ne a kwance. Amma matar da za ta juya ledar a wani kanti a Makka ba ta da lambar masana'antar, ba ta da tamu. Layukan nan uku kaɗai gare ta, kuma za ta gaskata su saboda da harshenta suka zo mata.