Makin da ake karantawa a juye

Wata injiniya daga Kano ta nemi aiki a wani kamfani da ke Jamus, ta haɗa da takardar sakamakon jami'a mai nuna matsakaicin makinta: 3.80. A gida wannan abin alfahari ne, domin a ma'aunin 5.00 ya faɗa tsakanin 3.50 da 4.49, wato babban mataki na biyu. Makonni suka shuɗe ba amsa. Sai wata tsohuwar abokiyar karatunta da ke can ta buɗe mata ido: a Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 kuma shi ne mafi ƙarancin makin ci. Duk Bajamushen da ya ga 3.80 ba tare da bayani ba, ɗauka zai yi da ƙyar ta sha.

Da farko ta so mai fassara ya gyara lambar. Ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Rantsattsen mai fassara yakan mayar da sunayen darussa da rubutun hatimi zuwa Jamusanci, amma maki yakan bar shi yadda jami'a ta rubuta; da zarar ya sauya lamba, fassarar ta saɓa wa asalinta, zargin jabu kuma ya samu ƙofa. Abin da ya yi shi ne fassara jadawalin ma'auni da ke bayan takardar, wanda ita ko hotonsa ba ta ɗauka ba a karon farko. A nan aka nuna cewa A na farawa daga kashi 70, mai daraja 5.

Daidaita makin kuwa a takarda daban ta yi shi, da lissafin da jami'o'in Jamus da dama ke amfani da shi, wanda ake jingina wa Bavaria:

```
x = 1 + 3 * (Nmax - Nd) / (Nmax - Nmin)
```

Nmax shi ne maki mafi girma, Nmin mafi ƙarancin makin ci, Nd kuma nata. Ta cire 3.80 daga 5 ta samu 1.2, ta raba da 4, ta ninka da 3, ta ƙara 1. Amsa 1.9, abin da Jamusawa ke kira "mai kyau".

Inda gizo ke saƙa shi ne Nmin. Jami'ar da ke ba da digiri tun daga 1.00 da wadda ta tsaya a 1.50 ba ɗaya suke ba; da 1.50 ta yi lissafin, da wajen 2.0 za ta samu. Tazarar kaɗan ce, amma wanda ya zaɓi lambar da ta fi yi masa daɗi, bai da abin cewa ranar da aka nemi hujja. Ta bi abin da jadawalin jami'arta ya nuna, ta rubuta ƙarara cewa ƙiyasinta ne ba hukuncin wata hukuma ba, sannan ta sake aikawa da lambobin biyu gefe da gefe.