Mai gadin sito da takardar da ba mu nuna ba

Da yawa daga cikinku kun sha tambayarmu a waya: "Kullum sai ku ce wata majiya, wata majiya. Wace ce majiyar? Ku faɗi sunanta in gaskiya ne!" To yau bari mu ba ku amsa da wani abu da ya faru da mu.

Wata shekara, lokacin bazara, hatsi ya yi tsada, aka kawo gero na farashin rahusa wani gari da ba za mu ambata ba. Da dare wani mai aiki a siton ya iske mu. Ya ce ana fitar da buhuhuwa bayan sallar isha'i ana kai wa ƴan kasuwa. Ya nuna mana hoton takardar fitar da kaya a wayarsa, da tambari da sa hannu. Sharaɗinsa guda ne: kada a san shi ne. Yana da mata da yara, kuma wanda yake tona wa asiri shi ya ɗauke shi aiki.

Nan fa aka ja daga a ɗakin labarai. Wani abokin aikinmu ya ce a karanta takardar a iska, lamba da kwanan wata, tunda haƙƙin talakawa ne ake ci. Maganarsa na da nauyi, don labarin da ba shaida, wanda ake zargi zai ce sharri ne na ƴan adawa, shi ke nan a manta. Amma da muka tambaya, mutum uku kaɗai ke taɓa wannan takarda. Biyu daga ciki su ne ake zargi. Karanta lambarta daidai yake da kiran sunan mutumin a lasifika. Sauya masa murya ma ba dabara ba ce, a ƙaramin gari ko tarin mutum an sani.

Sai muka ajiye takardar, muka mai da ita jagora kawai. Ta ce mana rana kaza aka fitar da buhu kaza zuwa ƙauyuka huɗu. Muka hau babur muka zagaya ƙauyukan, muka tambayi masu gari buhu nawa suka karɓa. Muka haɗa lissafi, bai kai ba. Ranar kasuwa muka ga buhuhuwa masu alamar siton a rumfar wani, ana sayar da tiya a farashin kasuwa. Sannan muka nemi shugaban siton ya ba da nasa bayani. Abin da muka watsa ke nan: muryoyin masu gari da abin da idonmu ya gani. Ya ɗauke mu kwana tara, kuma cikin kwanakin nan an ci gaba da fitar da gero. Wannan asara ce ta gaske, kuma talaka ne ya biya ta, ba mu ba. Har yau tana damunmu.

Me ya sa muka yarda da ita? Saboda alkawarin ba na mutum ɗaya ba ne. Malamin asibiti da malamin makaranta da akawun ma'aikatar magajin gari duk suna kallo. In suka ga an kori wanda ya yi magana da mu, ba mai sake buɗe baki. Shi ya sa kundin ɗa'ar ƴan jarida da aka amince da shi a Munich a 1971 ya sa riƙe sirrin majiya cikin wajibai, kuma dokar aikin jarida ta Nijar ta 2010 ta amince ɗan jarida ya ɓoye majiyarsa.

Sai dai doka ba ta toshe kunnen waya. Ku tuna Moussa Kaka, wanda a wancan lokacin shi ne shugaban Radiyo Saraounia kuma wakilin RFI. An kama shi a watan Satumba na 2007, ya yi sama da shekara a kurkuku, kuma tuhumar ta dogara ne ga hirarrakinsa na waya da ƴan tawayen MNJ da aka naɗa. Tun daga nan manyanmu a aikin ke ce mana maganar majiya a yi ta baki da baki, kuma kar a ajiye sunanta a waya.

Akwai iyaka, ba mu musa ba. Da mutumin nan cewa ya yi geron ya ruɓe kuma gobe za a raba shi, ba za mu jira kwana tara ba. A daren za mu sanar da masu iya tsayar da rabon, mu ba su labarin, mu riƙe sunan. Kuma da ƙarya ya shirga mana don ya ɓata wani, za mu fito mu gyara a iska, mu nemi afuwar wanda aka ɓata. Wannan muna faɗa wa kowa tun kafin ya fara magana, don ya san irin alkawarin da ya samu.

Mutumin siton yana nan a gurin aikinsa. In mun haɗu a kasuwa, gaisuwa kawai muke yi mu wuce.